Kalandar Fostin Ta Wata Guda: Yadda Muka Tsara Watan Azumi Wa Wani Shago A Kantin Kwari



Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku tun makon jiya ita ce ta kafshin. Wata 'yar uwa ta ce kullum sai ta riƙe waya ta yi minti talatin tana tunanin abin da za ta rubuta a ƙarƙashin hoto, daga ƙarshe ta rubuta "sabon kaya ya sauka, a yi magana ta inbos" ta ajiye. Gobe ma haka. Jibi ma haka. To yau a kan wannan za mu zauna. Ba zan kawo muku dokoki goma ba. Wata guda tak zan ɗauka, na wani shago guda tak, mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe, har da inda na yi kuskure.

Shagon na wani yayana ne, ɗan wan babana, a Kantin Kwari, nan Fagge. Atamfa da shadda da leshi yake sayarwa, da 'yan mayafai. Yana da shafi a Facebook da Instagram, kuma kamar kowa a kasuwar, rabin cinikinsa a WhatsApp ake ƙarasa shi. Watan da muka tsara shi ne Maris na 2025. Dalilin da ya sa nake son wannan misalin shi ne a shekarar an ɗauki azumi a Najeriya ranar Asabar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Wato ɗaya ga azumi ita ce ɗaya ga wata, goma ga azumi goma ga wata. Lissafin ba zai rikita kowa ba.

Kafin mu shiga, bari in fassara iri ukun nan da ake ta faɗa, da Hausar da za mu yi amfani da ita. Akwai fostin na ilimi, wanda mutum zai karanta ya ƙaru ko da bai sayi komai ba. Akwai na talla, wanda ke cewa ga kaya, ga farashi, ga yadda za ka samu. Sai na hira, wanda kai ne ke tambaya, mabiyanka su amsa. Kalanda kuwa ba komai ba ce illa takarda ko jadawali da ke nuna wace rana wanne zai fita, da abin da za a rubuta.

Idan ka bincika a intanet za ka ga ana cewa kashi 80 na amfani, kashi 20 na talla, ko kuma a raba gida uku daidai. Ba laifi a matsayin mafari. Amma matsalata da wannan lissafin ita ce yana gaya maka yawa, ba ya gaya maka yaushe. A Kano kuwa, a watan azumi, yaushen shi ne komai.

Ranar da muka zauna da Yaya a shago, ƙarshen Fabrairu, na zo da kwamfuta da shirina na ɗan boko: talla ta yi ta ƙaruwa a hankali, ta kai ƙololuwa a makon Sallah. Ya dube ni ya ce, "Kai, wa zai sayi atamfa ana jibi Sallah? Wane tela ne zai karɓa?" Nan take shirina ya rushe. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki a azumi ya sani, telolin da suka san aikinsu suna rufe karɓar ɗinkin Sallah tun wajen tsakiyar wata, wasu ma kafin nan. Ke nan ranar da ta fi muhimmanci a kalandar mai sayar da yadi ba ranar Sallah ba ce, ranar da tela ke cewa "na rufe" ce. Daga ita ake ƙirgowa baya.

Sai muka ƙara abu na biyu: kuɗi. Ma'aikaci albashin Fabrairu ne a hannunsa a makon farko na Maris. Zuwa tsakiyar wata kayan buɗa-baki sun cinye shi. Albashin Maris kuma sai can ƙarshe, lokacin da ɗinki ya riga ya wuce. To ka ga abubuwa biyu sun haɗu a wuri ɗaya: tela yana karɓa, aljihu da ɗan nauyi, duk a goman farko.

Ga yadda muka raba. Mun yanke fostin 20 a kwana 29, ban da sitatus na WhatsApp da ake sawa kullum. Me ya sa 20 ba 29 ba? Saboda mutum biyu ne ke aikin, ni da yaron shago, kuma kowane fostin yana jawo saƙonni da sai an amsa. Cikin 20 ɗin, 8 na ilimi, 7 na talla, 5 na hira. Idan ka duba jimillar za ka ce ai kusan rabon gida uku ne. Amma dubi yadda suka zauna. Goman farko fostin 7: talla 4, ilimi 2, hira 1. Goman tsakiya fostin 7: ilimi 4, hira 2, talla 1 kacal. Kwana taran ƙarshe fostin 6, biyu-biyu daga kowane iri, kuma tallar a nan ba ta yadi ba ce, ta mayafi ce, abin da ba ya buƙatar tela.

Jadawalin kansa a Google Sheets muka yi shi, amma wallahi littafin 'yan makaranta da rula ma sun isa. Kowane layi yana da gurbi bakwai: kwanan wata, irin fostin, layin farko na kafshin, hoton da za a saka, abu ɗaya da muke so mai karatu ya yi, wanda zai amsa saƙo ranar, da gurbin ƙarshe na sakamako. Gurbin layin farko shi ne na fi ɓata lokaci a kai. Instagram yana ba ka damar rubuta haruffa har 2,200, amma abin da mutum ke gani kafin rubutun ya yanke bai wuce kusan haruffa 125 ba. Idan ka cinye su da sallama da godiya ga kwastomominka masu albarka, to maganar da ka zo yi tana ɓoye, sai wanda ya danna ne zai gani, kuma yawanci ba a dannawa.

Yanzu mu ɗauki irin nan uku ɗaya bayan ɗaya, da ainihin abin da muka rubuta.

Na ilimi shi ne mutane suka fi kuskurewa. Da yawa sun ɗauka fostin na ilimi shi ne a kwafo wata hikima ko tarihin atamfa a duniya. A'a. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna a shago yini guda ka rubuta tambayoyin da kwastomomi ke yi da bakinsu. Na yi hakan, kafin la'asar na tara sun fi goma. Yadi nawa zai ishe ni? Wannan tana zuba? Auduga ce ko roba? In wanke kafin in kai wa tela? Kowace tambaya fostin guda ce.

Ga wanda ya fita ranar 3 ga wata: "Yadi nawa za ka saya kafin ka je wurin tela? Turmin atamfa yadi 6 ne. Kaftani da wando na babban mutum yakan ci yadi 4 zuwa 5, ya danganta da jiki da tsayi. Babbar riga da 'yar ciki da wando, ka tanadi yadi 10. Kafin a yanka maka, kira telanka ka tambaye shi, domin yadin da aka yanka ba ya komawa." Ka lura babu farashi, babu "zo ka saya". Amma an saka shi a ranar da mutane ke shirin saye, kuma washegari talla ta biyo baya. Wannan jerin da gangan ne: ilimin yana share wa tallar hanya. Wanda ya san yadi 5 yake buƙata, idan ya ga farashin yadi gobe, lissafinsa ya riga ya kammala.

A goman tsakiya, lokacin da kaya suna hannun teloli kuma ba a cika saye ba, sai ilimin ya koma kan kula da abin da aka riga aka saya. Mun yi ɗaya a kan gwada zuba: ka jiƙa farin ƙyalle, ka goga a bakin atamfar, idan kala ta hau ƙyallen to ka wanke ta ita kaɗai. Mun yi wani a kan bambance auduga da roba: ka zare zare ɗaya daga gefe ka kusanta shi da ashana, auduga za ta ci wuta ta zama toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa za ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Yaya da farko bai so wannan ba. Ya ce, "Yanzu kai koya musu za ka yi su riƙa ƙona min kaya a shago?" Na ce masa, "Yaya, wanda ya san kayansa ba ya tsoron ashana." Ya yi dariya ya ce in saka. Kuma a nan akwai sharaɗi da ya kamata in faɗa: kada ka koyar da gwajin da kayanka ba za su tsallake ba. Idan kana da mai roba, ka faɗa da bakinka a kafshin ɗin talla cewa mai roba ce, da farashinta.

Na talla kuma, dokarmu ɗaya ce: kaya ɗaya, farashi a fili, mataki ɗaya. Misali, a ce turmin naira dubu 18 ne, sai kafshin ya zama: "Atamfa mai auduga, kala 4, turmi naira dubu 18. Wannan farashin na yau Talata ne. Guda 12 suka rage. Turo hoton kalar da kike so ta WhatsApp, a ajiye miki zuwa gobe da azahar." Na san akwai masu ɓoye farashi don kada maƙwabcin shago ya gani. A Kwari? Maƙwabcinka ya san farashinka tun kafin ka buɗe ƙofa. Wanda kake ɓoye wa kawai shi ne mai saye, kuma sakamakon shi ne saƙo hamsin na "nawa ne" da za su cinye maka yini, ga azumi a baki.

Kalmar "na yau" ɗin nan ba ado ba ce. Yawancin kayan Kwari shigo da su ake yi, farashinsu yana bin dala, kuma Wapa tana nan kusa, labari ba ya kwana. Shi ya sa a kalandarmu kafshin na ilimi da na hira mun rubuta su cikakku tun farkon wata, amma na talla mun bar gurbin farashi da na adadi a buɗe, sai safiyar ranar ake cikewa bayan an ƙirga abin da ke kan kanta. Sau ɗaya muka yi sakaci muka saka wata kalar leshi da ta ƙare tun jiya. Mata uku suka turo suna so, muka yi ta ba da haƙuri. Ɗaya ta ce ai dama haka 'yan onlayin suke, hoto daban kaya daban. Wannan kalmar ta fi asarar cinikin ciwo.

Sai na hira. A nan ne ake yawan yaudarar kai. "Wa yake farke?" "Danna laik idan kana son mahaifiyarka." "Rubuta amin ka tura wa mutum goma." Kwament zai zo, amma ba zai gaya maka komai ba. Kuma tun Disambar 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa rage yaɗuwar fostin da ke roƙon laik da shiya da tagin abokai ta irin wannan hanya. Ban da haka ma, ni a ganina jingina addu'a da neman laik a watan azumi bai dace ba, ko da injin bai hukunta ka ba.

Ma'aunin da na saka wa kaina shi ne: idan amsar da za a bayar ba za ta canza komai a shago ba, to kada a yi tambayar. Ranar 13 ga wata mun saka hoton mayafai biyu muka rubuta: "Yaya zai saro mayafan Sallah ranar Litinin, kuma kala ɗaya ce kuɗin zai isa a ɗauko da yawa. Ruwan toka ko ruwan ƙasa? Wadda ta yi rinjaye ita za mu kawo." Gaskiya ce, ba dabara ba. Aka zaɓa, aka saro, sannan tallar 22 ga wata ta buɗe da "wadda kuka zaɓa ta iso". Ka ga fostin na hira ya haifi na talla, kamar yadda na ilimi ya share masa hanya a farkon wata. Wannan shi ne amfanin ganin watan gaba ɗaya a shafi guda. Idan kullum da safe kake ƙirƙiro abin faɗa, ba za ka taɓa iya ƙulla fostin na 13 da na 22 ba.

Wani na hira da ya yi mana amfani shi ne na 17 ga wata, inda muka tambaya ko akwai telan da har yanzu yake karɓar ɗinki, ya bayyana kansa da unguwarsa. Teloli suka shigo da kansu, masu neman tela suka same su. Mu ba mu sayar da komai ba ranar, amma mun gano cewa ƙofar ɗinki ba ta gama rufewa ba, sai muka matso da tallar shadda ɗaya tilo ta goman tsakiya daga 20 zuwa 18.

Yanzu maganar Sabon Gari. Wani kaso na kwastomomin shagon daga can suke: mata masu ɗinki, da masu sari suna aikawa kudu ta motocin New Road. Su kalandarsu daban ce. A 2025 Ista ta faɗo ranar 20 ga Afrilu, mako uku bayan Sallah. Ke nan a daidai lokacin da kasuwar yadin Sallah ta mutu, tasu ke shirin tashi. Saboda haka fostin na ilimi guda biyu na kwanakin ƙarshe mun rubuta su da Hausa a sama, Turanci mai sauƙi a ƙasa, kuma ba mu ɗaura su da Sallah ba. Ranaku ma mun duba: Juma'a da rana ba ma saka talla domin ana rufewa a tafi masallaci, babu mai amsa saƙo, Lahadi da safe kuma mutanen Sabon Gari da yawa suna coci. Tallar da ta fita lokacin da babu mai amsawa, ruwa ne ka zuba a kwando.

Lokacin sakawa ba zan ja shi ba. A azumi mun ga an fi amsawa bayan an sauko daga asham, sai kuma wajen sahur. Awa biyu kafin shan ruwa kuwa mata suna kicin, maza suna kan hanya. Amma kada ka ɗauki nawa, ka buɗe Insights na shafinka ka ga lokacin da naka mabiyan ke kan layi.

To ga kuskurena, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na zaɓi wannan watan. A cikin Meta Business Suite akwai Planner, inda za ka jera fostin ka saka masa rana da lokaci ya fita da kansa. Na ji daɗinsa sosai, na jera na makon ƙarshe gaba ɗaya na manta da su. A ƙarshen makon nan ne labarin Uromi ta jihar Edo ya iso, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar dawowa gida yin Sallah, akasarinsu 'yan jihar Kano. Ranar Juma'a 28 ga wata gari ya yi tsit, kowa abin da yake kallo ke nan a waya. Ni kaina ina can muna ta kiraye-kiraye da abokan gwagwarmaya a kan yadda za a kwantar da hankalin matasa. A cikin wannan halin fostin ɗinmu na hira ya fita da kansa, da fara'arsa da 'yan hotunan dariya, yana tambayar wace kwalliya za a yi ranar Sallah. Sai da Yaya ya kira ni. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ka duba shafin nan." Na goge, amma an riga an gani, kuma wani ya riga ya rubuta a ƙasa cewa mu kuɗi kawai muka sani.

Tun daga ranar na ƙara doka biyu. Ta farko, ba na jera fostin a Planner fiye da na kwana uku gaba, kuma kowace safiya kafin komai sai na buɗe na ga abin da zai fita yau, in tambayi kaina ko ya dace da yadda gari ya tashi. Ta biyu, duk shafin da mabiyansa suka haɗa Fagge da Sabon Gari, a irin wannan rana ko dai a yi ta'aziyya a taƙaice ba tare da hoton kaya ba, ko a yi shiru, sannan a sa ido a kan kwament domin kada gurbin ya zama filin zagin ƙabila. Gobara a kasuwa, ambaliya, rasuwar babban mutum, duk hukuncinsu ɗaya.

Akwai kuma ranar da ba ta tsayuwa a kalanda ko da lafiya lau ake: ranar Sallah kanta. Sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. Don haka gaisuwar Sallah ba mu saka mata lokaci ba. Mun rubuta ta mun ajiye, muka kuma tanadi wani ɗan gajeren fostin na ranar 30 ga azumi ko da wata bai tsaya ba. Daren Asabar aka sanar, muka saka gaisuwar da hannu, ɗayan bai fita ba.

Saura gurbin sakamako. Kuskuren da ake yi shi ne a auna komai da laik, sai a ga talla ba ta samun laik a daina ta, ko a ga ilimi ba ya kawo ciniki nan take a daina shi. Kowane iri da mudunsa. Na ilimi ka duba mutum nawa suka adana shi ko suka tura wa wani. Na talla ka ƙirga saƙonnin da suka shigo da waɗanda suka kai ga biyan kuɗi, kuma ka saba da tambayar "a ina kika gani?" domin da yawa a Instagram suke gani su zo ta WhatsApp. Na hira ka ƙirga amsoshin da ke ɗauke da magana, ba "masha Allah" kaɗai ba. Idan talla tana kawo "nawa ne" da yawa alhali ka saka farashi, to farashin ya nutse a ƙasan kafshin, ka ɗago shi layin farko. Idan na ilimi babu mai adanawa, mai yiwuwa tambayar da ka amsa taka ce, ba ta kwastoma ba, ka koma shago ka sake saurare.

Wanda zai kwafi wannan tsarin a wata shekarar, ya tuna azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, saboda haka haɗuwar albashi da goman farko da muka samu a 2025 ba kullum za ta zo haka ba. Sai ka ɗora ranar albashi da ranar rufe ɗinki a kan kalandar shekararka ka ga inda suka faɗo. Idan kuma ba yadi kake sayarwa ba, ka nemi naka telan: mai cincin da kek odarsa a goman ƙarshe take, mai lalle kwana biyu kafin Sallah, mai kayan makaranta makon da za a koma.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ya zana tasa kalandar ya ɗauki hotonta ya saka a kwament, zan zaɓi biyu mu duba su tare a shiri na gaba in sha Allah.